Igiyar da Ta Gajarce

Gara in faɗa muku labarin nan da bakina tun kafin Gidan Rediyo ta kawo muku shi da gishirinta. Na san halinta, shekara talatin muna zama benci ɗaya. In ka ba ta labari tsawon allura, kafin la'asar ta mayar da shi taɓarya. Ita ce mai sayar da zare da maɓalli a rumfar da ke jikin shagon surukina, kuma ba a banza aka sa mata sunan ba.

Surukin nawa, mijin Autata, mai ɗaukar hoto ne. Ni ban taɓa kiran sunansa ba, Mai Hoto nake cewa kamar kowa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: farin kyalle a bango, kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, injin buga hoto, da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton akwati a ƙarƙashin tebur, in an kunna ta sai ta yi ta nishi kamar ni in zan tashi daga tabarma. Auta ce ke yanka hotuna tana sa su a ambulan. Ni kuwa aikina zama a bencin ƙofa. In an tambaye ni sai in ce inuwa nake sha. Amma ku ma kun sani, ba wanda ke zuwa ɗaukar hoto haka kawai. Ko tafiya zai yi, ko aiki ya samu, ko wata ce ta ce a aiko mata ta gani. Kafin hoton ya bushe ni na san dalili.

To, a makon da ya wuce ƙafar da ake ɗora kyamara ta zame, kyamara ta sha ƙasa, gilashinta ya tsage, aka kai ta gyara. Kamar abin haɗin baki, washegari sai ga Malama Babba, shugabar makarantar firamaren da ke bayan layinmu, ta kawo aikin da Mai Hoto ya yi shekara huɗu yana nema. 'Yan ajin ƙarshe ɗari da tamanin, kowanne ana son ƙaramin hotonsa a manna a takardar rajistar jarrabawa. Da can wani mai hoto da ke tsallaken titi ke yi musu, mai baƙin tabarau, wanda ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau.

Mai Hoto bai ce mata kyamara ta fashe ba. Wayarsa tsohuwa ce amma tana da ido, sai ya ɗauki farin kyallensa ya tafi makarantar, kwana uku yana ɗaukar yara ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba da yamma ya gama da waɗanda suka yi fashi. Malama Babba ta ce ranar Alhamis ƙarfe biyu za ta zo ta karɓa, don sai an manna su a takardu, kuma ƙarfe huɗu ake rufe karɓar rajista. Wanda takardarsa ba hoto, ba jarrabawa. Haka ta faɗa, ta maimaita, ta kalle shi ta saman gilashinta.

Yanzu bari in ɗan koma baya kaɗan, in gaya muku zancen fankata.

Auta ta saya mini wata 'yar fanka ta hannu, mai caji. Ina son ta kamar me. Sai dai batirinta ya gaji, ba ta minti goma sai ta mutu, dole sai tana haɗe da fawa banki, ɗan akwatin nan mai ajiye caji. Igiyar da ta zo da ita kuwa kamu ɗaya ce, sai in riƙe fanka a hannu ɗaya, fawa banki a ɗaya hannun, to da wane hannun zan nuna mutane? Ranar Litinin na shiga shago shan ruwa, ba kowa, sai na ga igiyar kyamara a rataye jikin ƙusa. Baƙa, mai kauri, doguwa har kamu uku. Na gwada bakinta a fankata, ya zauna daram kamar don ita aka yi. Na ce a raina, kyamara tana asibiti, wannan igiya marainiya ce, ni kuwa ina son riƙon maraya. Na rataye tawa a ƙusar, na sa tasa a jaka. Igiya ai igiya ce. Ban ɗauka sata ba ce, musanya ce, har da cikon albarka.

Kuma da yake ni mace ce mai tsari, duk abin da na mallaka sai na yi masa alama. Na sayi jan zare wajen Gidan Rediyo, na naɗe wuyan igiyar tsaf, na shafe da jan farce ya bushe ƙam. Haka na yi wa butata, haka na yi wa lemata, kowa a layin ya san jan zare nawa ne.

Ranar Alhamis, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina zaune fawa banki a jaka, igiya ta bi ta ƙarƙashin mayafi, fanka tana hura mini wuya. Ina ba Gidan Rediyo labarin mai wanki da ya ƙona rigar ango, sai na ji Mai Hoto daga ciki yana cewa, "Ikon Allah."

Na san wannan "ikon Allah" ɗin. Ba na murna ba ne. Na miƙa wuya.

Ya jona wayarsa da kwamfuta. Waya ta nuna tana shan caji. Kwamfuta kuwa ko gezau. Ya zare, ya mayar. Ya canja rami, ya koma na bayan akwatin har ya kwaso yanar gizo-gizo a hularsa. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ya kashe wayar ya kunna. Shiru kake ji.

Ya ɗaga igiyar yana dubawa. "Ke," ya ce wa Auta, "igiyar nan kamar ta gajarce."

"Ka taɓa jin igiya ta gajarce? Wanki aka yi mata?"

"To ni dai na ga kamar..."

"Hankalinka ne ya gajarce don tsoron Malama Babba. Sake gwadawa."

Na ji, na ci gaba da shan iskata. Ni fa har ga Allah a lokacin ban ga laifina ba. Ga waya tana caji, me kuma ake nema wajen igiya?

Auta ta ce, "Ka tura su ta manhajar hira mana, ka buɗe a kwamfuta."

"Kwamfutar nan ba ta da intanet. Ko tana da shi, hanyar hira matse hoto take yi, fuskokin yara su fito kamar an shafa musu toka. Hoton rajista ne fa."

"Katin ajiya fa?"

"A cikin wayar suke, ba kati."

Sai ya ce a kira Likita. Ba likitan mutane ba, mai gyaran waya ne da ke shago na uku, dattijo mai ƙaton tumbi da madubin duba ƙananan abubuwa rataye a wuya. Ya shigo yana goge hannu, ya tsaya ya gaishe ni.

"Iya, an wuni lafiya? Yau wa aka kama?"

"Kai za a kama in ba ka shiga ka ceci yaron nan ba."

Mai Hoto ya tare shi da cewa, "Ina jin direba ce babu. Ban taɓa haɗa wayar nan da kwamfutar ba, da kyamara nake aiki."

Likita ya ce, "Tsaya tukuna, kada mu sha magani kafin mu san ciwo. Da ka jona, kwamfutar ta yi ƙara?"

"Ba ta yi ba."

"Wayar fa, in ka jawo labulen saman allonta, ta tambaye ka me kake so a yi da haɗin?"

"Caji kawai ta nuna."

Likita ya juyo ya dube ni, don ya san ni ce zan kai labarin gaba, gara in kai shi daidai. "Iya, direba wata 'yar manhaja ce a cikin kwamfuta, aikinta tafinta. In baƙo ya yi sallama, ita ke fassara maganarsa. Amma sai an ji sallamar tukuna. Nan ko ƙwanƙwasa ƙofa ba a ji ba. Ba tafinta ba ne matsalar, hanya ce a toshe."

Ya ɗauki igiyar ya murza ta a yatsu, ya yi tsaki. Kafin in ankara ya zaro ɗan almakashi daga aljihu ya datse ta gida biyu. Igiyar fankata! A gabana! Na buɗe baki zan yi ihu, na tuna ba tawa ba ce a idon duniya, sai na mayar da ihun tari.

"Sannu Iya," in ji Gidan Rediyo, wadda ta riga ta bar rumfarta ta zo bakin ƙofa.

Likita ya feɗe bakin igiyar ya nuna. "Kun gani? Silli biyu kacal, ja da baƙi. Waɗannan wuta kawai suke kaiwa. Igiyar da ke ɗaukar kaya tana da huɗu, akwai fari da kore, su ne masu kai saƙo tsakanin waya da kwamfuta. Wannan irin wadda ke zuwa da tocila ce, ko fitila, ko 'yar fanka."

Da ya ce fanka, sai na gane. A hankali na danna maɓallin fankata ta mutu, na tura ta cikin jaka, na ja zif.

Mai Hoto ya dafe kai. "Na faɗa! Wannan ba igiyar kyamarata ba ce. Tawa doguwa ce, mai kauri, shekara biyar ina kwashe hotuna da ita. Ina ta shiga?"

Aka hau nema. Aka juye durowa, aka ɗaga kyalle, aka leƙa bayan inji. Ya kira mai gyaran kyamara ko ta bi kyamarar, aka ce ba ta bi ba. Auta ta zazzage kwandon shara a ƙasa tana cewa ko ita ta share ta.

"Likita, ai kana sayar da igiyoyi," in ji Auta.

Likita ya sosa ƙeya. "Wayar mijinki mai tsohon baki ce, siririn nan. Masu kyau da nake da su duk na sabon baki ne, mai zagaye. Na tsohon baki guda uku suka rage." Ya je ya kawo su. Aka gwada ta farko, caji. Ta biyu, caji. Ta uku, mai ado da walƙiya kamar ɗan kunnen amarya, ita ma caji.

"Au, Likita," in ji Gidan Rediyo, "ashe kurame kake sayar wa mutane?"

"Caji suke zuwa nema, caji nake ba su. Wa ya taɓa ce mini zai yi hira da kwamfuta?"

Ya ce akwai dabara biyu. Ko a tafi babbar kasuwa a sayo, awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa in hanya ta yi kyau. Ko a tura hotunan zuwa wayarsa ta bulutut, wato ta iska ba igiya, tunda tasa mai sabon baki ce, sai a kwashe daga can. Aka gwada na biyun. Hoto ɗaya ya yi ta rarrafe kamar hawainiya, sai da ya ci kusan rabin minti. Mai Hoto ya yi lissafi a kan yatsu: awa ɗaya da rabi kafin su wuce, ga gyara, ga bugawa, ga yanka, su ma ba su gaza awa ɗaya da rabi ba. Agogon bango ya ce sha biyu ta wuce. Ko ta ina aka bi, biyu za ta yi ba a gama ba.

Ni kuwa ina benci, gumi yana bin bayana kamar an buɗe famfo. Dabara ta zo mini: in kankare jan zaren, in jefa igiyar ƙarƙashin tebur, in ce, "Laa, mene ne wancan?" Har a gode mini. Na sa hannu cikin jaka ina kankara da farce. Ina! Jan farcen nan da ba ya kwana biyu a yatsa, a jikin igiya ya zama siminti.

Gidan Rediyo ta dawo ta zauna kusa da ni. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ƙawata, yau ina fankar?"

"Sanyi nake ji."

"Sanyi? Ga gumi har ya jiƙa miki mayafi."

"Zazzaɓi ne. Haka yake yi."

"Me kike ta tonawa a jaka kamar kaza?"

Don in kawar da hancinta daga kaina sai na ce, a hankali, "Ni fa jiya kamar na ga mai baƙin tabarau yana shawagi ta nan." Allah Ya yafe mini. Mutumin ya wuce ta nan jiya, wannan gaskiya ne, amma kullum ma yana wucewa, hanyar gidansa ce.

Ai kuwa kamar na zuba fetur a garwashi. Gidan Rediyo ta miƙe ta shiga shago. "Kun ji! Aikin hassada ne! Shi ya musanya igiyar don aikin makaranta ya koma hannunsa!"

Auta ta ɗaure gyale a ƙugu. Na san wannan ɗaurin, wajena ta gada. "Yau zai cire tabaran nan ya gan ni da kyau."

"Dawo," in ji Mai Hoto. Bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya ɗagawa. "Ba mu gani ba, ba za mu ce ba. Kuma ko shi ne, yanzu ba lokacin faɗa ba ne." Ya zauna a kujerar da ba ta juyawa, sannan ya ce, "Shi yana da kwamfuta mai intanet da inji biyu. Zan kai masa wayar ya kwashe ya buga. Bari in kira Malama Babba in gaya mata ta karɓa a wajensa."

"In ka yi haka aikin ya tafi ke nan har abada," in ji Auta. "Shekara huɗu kana nema!"

"Na sani. Amma yara ɗari da tamanin ba za su rasa jarrabawa don ina jin kunyar tsallaka titi ba."

Ya ɗauki wayar yana neman lambar.

To, jama'a, ni tsohuwa ce mai son zance, ban musa ba. Na haɗa mutane faɗa don nishaɗi, na raba su don a ce na iya sulhu. Amma ban taɓa zama ina kallo yaron kirki ya miƙa abincin gidansa ga wani saboda iskar wuyana ba. Kuma abincin gidan nasa har da ni ake ci.

Na tashi. Gwiwoyina suka yi ƙara. Na shiga shagon, ban dubi Mai Hoto ba, don ina zan iya. Na dubi farin kyallen bango na ce masa, shi kyallen, "A dakata da kiran nan."

Na buɗe jaka. Na jawo igiyar. Ta yi ta fitowa, ta yi ta fitowa, kamu ɗaya, kamu biyu, kamu uku, fanka na reto a bakinta, jan zare yana ƙyalli a wuyanta kamar tutar kunya. Na cire fankar na ajiye igiyar a tebur.

Kowa ya zuba wa igiyar ido.

"Inna!" in ji Auta.

"Zarena ne wannan!" in ji Gidan Rediyo, ta tafa hannu. "Ranar Litinin ta saya! Na ce me za ki ɗinka, ta ce ba ruwana!"

Likita ya juya baya, tumbinsa yana rawa.

Mai Hoto ya dubi igiyar, ya dubi ƙasa. Sai ya ce, "Ashe Mama ce ta adana mini ita don kada ta ɓata. Har da alama aka yi mata. An gode, Mama."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"A bar godiya, a jona," in ji Likita yana share hawaye.

Aka jona. Nan take kwamfuta ta ce ɗin-ɗon. Ban taɓa jin ƙara mai daɗinta ba. Mai Hoto ya buɗe wurin da ake ganin abubuwan da ke haɗe da kwamfutar, ya duba sama, ya duba ƙasa. Ba waya.

Na ce shi ke nan, na tona wa kaina asiri a banza.

"Kwantar da hankali," in ji Likita. "An ji sallama, saura a buɗe ƙofa. Waya ba ta barin kowa ya shiga cikinta haka kawai, in an jona ta kan caji take tsayawa sai mai ita ya ba da izini. Buɗe makullinta."

Mai Hoto ya ɗora babban yatsa, waya ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Gumi ya jiƙe masa hannu. Ni da ke tsaye da fanka ba igiya, sai na tuna tana da ɗan sauran rai, na kunna na hura masa yatsan, ina kallon kyalle. Ya goge a riga ya ɗora, ta buɗe.

"Jawo labulen sama. Ka ga inda ta ce tana caji ta igiya? Taɓa nan. Yawwa. Ga jeri ya fito. Tana kan caji kawai, mayar da ita kan tura fayil."

Ya taɓa. Kwamfuta ta sake cewa ɗin-ɗon, ta yi ɗan tunani, sai wani ɗan rubutu ya leƙo a kusurwar ƙasa. Likita ya karanta ya ce ta ga baƙon amma ta kasa gane shi.

"To yanzu ne maganarka ta farko ta zo," ya ce wa Mai Hoto. "Yanzu ne zancen direba. Matsa."

Ya ja kujera, ya buɗe wani dogon jeri na duk kayan da ke jikin kwamfutar. A tsakiya ga sunan wayar, da ɗan alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku a gefensa.

"Sai an sauko da ita daga intanet?" in ji Auta. "Mu da ba mu da shi?"

"Galibi tana ciki, ba ta dai gane wadda za ta ɗauka ba ne." Ya danna kan sunan, ya ce a sabunta direba, ya ce a'a kada ta nema da kanta, shi zai zaɓa daga waɗanda ke cikin kwamfutar. Wani gajeren jeri ya fito, ya zaɓi ta haɗa waya don kwasar fayil, ya danna. Muka tsaya cirko-cirko. Alamar ruwan ɗorawa ta ɓace. Da aka koma wancan wurin, ga hoton 'yar waya ya bayyana.

Mai Hoto ya buɗe ta, ya shiga ma'ajiyar ciki, ya shiga jakar kyamara. Sai ga fuskoki sun cika allo, jere-jere, masu murmushi da masu zare ido da wani mai kunnuwa kamar faranti.

"Kwafa za ka yi, kada ka yanke," in ji Likita. "Su zauna a wayar har a gama aiki. Kuma kada kowa ya taɓa igiyar nan." Da ya ce "kowa" ni ya kalla.

Minti uku suka wuce gaba ɗaya. Minti uku! Agogo ya ce sha biyu da rabi.

Daga nan ba wanda ya sake zama. Mai Hoto yana jera hotuna a takarda yana bugawa, Auta tana yanka, Likita ya manta da shagonsa yana duba sunaye a jerin makaranta. Gidan Rediyo ta kawo almakashinta na yadi. Ni aka ba ni ambulan, ina sa wa kowane yaro nasa. Na yi aikin nan baki a rufe, abin da Auta ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa gani ba.

Ƙarfe biyu da minti biyar Malama Babba ta yi sallama, muna kan ambulan na ƙarshe. Ta zaro hoto ɗaya ta duba ta saman gilashi, ta zaro wani. "Sun fito," ta ce. "Baɗi ma kai ne." Ta dubi sharar da ke zube a ƙasa da guntayen igiyata. "Lafiya dai?"

Gidan Rediyo ta ja numfashi za ta fara, na taka mata ƙafa.

"Lafiya lau, Malama," in ji Mai Hoto. "Gyare-gyare muke."

Da yamma na tsallaka titi na gaida mai baƙin tabarau, har na tambayi iyalinsa. Ya yi ta mamaki, bai san bashin me nake biya ba. Ya cire tabaran ya amsa, ashe ido ɗaya ne ke masa ciwo, shi ya sa. Wannan ma labari ne, amma na riƙe shi, ban gaya wa kowa ba sai ku.

Washegari na zo benci na tarar da ƙunshi a wurin zamana. Na buɗe: sabuwar igiya, kamu huɗu, an riga an naɗe wuyanta da jan zare. Likita ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Kurma ce, Iya, silli biyu. Ba mai neman ta." Igiyar kyamara kuwa na leƙa na gan ta, an ɗaure ta a ƙafar tebur da ƙulli uku.

A ƙarƙashin igiyar akwai ambulan. Na zaro, sai ga ni. Ashe ranar Talata da safe, kafin ya tafi makaranta, Mai Hoto ya gwada hasken wayarsa a kan bencin ƙofa. Ga ni zaune, baki buɗe ina ba da labari, yatsa yana nuna wani, fanka a wuya, baƙar igiya ta sauko ta ƙarƙashin mayafi da jan zarenta ƙuru-ƙuru. Hoton yana cikin wayar tun ranar, a tsakiyar na yaran, yana jiran a samu igiyar da za ta fito da shi.

Auta ta ce da ya gan shi a allo sai da ya shiga bayan kyalle ya yi dariya don kada in ji.

Gidan Rediyo ta ce a buga mata ɗaya ta rataye a rumfa. Na ce sai dai bayan raina. Amma fa na yi kyau a hoton, mayafin ya zauna, hasken ya dace. Na sa an yi masa firam.